Zubar da ƙaramin makin intero kafin fidda muwayen: wa ke ƙaruwa, kuma da nawa

Tun da wasu malaman kolej da lise a nan Damagaram suka fara ce wa ɗalibai a farkon samestir "intero ɗaya mafi muni ba zan lissafa shi ba", maganar ta kai gidaje da fada, kuma kowa da yadda ya fahimce ta. Wani uban ya ɗauka kyautar maki ce ake yi wa yara, wata uwar ta ɗauka an yafe wa ɗiyarta fashin lakwal na kwana ɗaya, ɗalibai kuwa wasu sun ɗauka kowa a aji zai hau da maki ɗaya ko biyu. Lissafin kansa ba shi da wuya, amma abin da yake haifarwa ba daidai yake raba kansa tsakanin yara ba, kuma a nan ne ruɗanin yake.

Me ake nufi da zubarwar

Intero dai shi ne ɗan gajeren gwajin da mushe ko madam ke yi cikin aji, minti goma ko sha biyar, wani lokaci ba sanarwa, a ce ku ciro takarda kawai. Ya bambanta da debuwar, wanda ake sa wa rana kuma ya fi tsawo, ya kuma bambanta da kompo na ƙarshen samestir. Muwayen na intero a yadda aka saba shi ne a tara makin duka a raba da yawansu: intero biyar, a tara, a raba biyar. Sabuwar hanyar tana cewa kafin a tara a duba wanne ne mafi ƙanƙanta a cikin makin wannan ɗalibin, a cire shi, a tara sauran huɗun, a raba huɗu. Abu biyu ke canzawa tare, jimilla da abin da ake rabawa da shi, kuma duk wanda ya canza ɗaya ya manta ɗayan ya ɓata lissafin, za mu zo kan wannan a gaba.

A lura kuma ba intero guda ake soke wa aji gaba ɗaya ba. Wannan wani abu ne dabam, kamar a ce tambayar ta fito da kuskure sai malam ya ce intero na uku babu shi ga kowa. A zubarwar da muke magana, kowane ɗalibi nasa mafi munin ake cirewa, na wani na farko ne, na wani na huɗu.

Dalilin da malamai ke bayarwa ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san yadda shekarar karatu take a nan. Ana komawa lakwal a watan Oktoba, daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro bai gama sakin gidaje ba, yaro ya kwanta kwana uku ya dawo ya tarar an yi intero. Ga rasuwa, ga ranar da famfo ya ƙafe aka tura yarinya neman ruwa ta iso an rufe ƙofa. Malamin da ke riƙe da aji mai ɗalibai saba'in ko tamanin, kuma ba aji ɗaya gare shi ba, in ya ce zai shirya wa duk wanda ya yi fashi sabon intero, ya kuma tantance wa ke da takardar likita wa ke ƙarya, to aikin ya fi ƙarfinsa. Sai ya ce kowa yana da rana ɗaya kyauta, kada a kawo mini uzuri.

Ɗalibai uku, intero biyar

Mu ɗauki misali, duk makin a kan 20.

Ta farko yarinya ce mai hannu ɗaya, kullum inda take nan take: 12, 12, 11, 12, 13. Jimilla 60, a raba biyar, muwayen 12. In aka cire 11 saura 49, a raba huɗu, 12,25.

Na biyu yaro ne mai ƙoƙari da zazzaɓi ya kayar ranar intero na uku: 14, 15, 0, 13, 14. Jimilla 56, muwayen 11,2. In aka cire sifilin jimillar ba ta motsa ba, 56 ɗin ce, amma yanzu huɗu za a raba, ya zama 14 cif.

Na uku mai tangal-tangal ne, yau sama gobe ƙasa, bai yi fashi ba amma akwai darasin da sam bai shiga kansa ba: 11, 10, 3, 12, 9. Jimilla 45, muwayen 9. A cire 3 saura 42, a raba huɗu, 10,5.

Doka ɗaya aka yi musu su uku, amma ta farko ta ƙaru da 0,25 kacal, na biyu da 2,8, na uku da 1,5. Kuma jerin ya juya. Da can yarinyar ce gaba da 12 a kan 11,2 na mai zazzaɓi, yanzu shi ne gaba da kusan maki biyu. Na ukun kuwa ya tsallake 10, wato ya tashi daga wanda bai kai muwayen ba ya koma wanda ya kai, alhali ko harafi ɗaya bai ƙara sani ba tsakanin lissafin farko da na biyu.

Akwai hanyar sanin ƙaruwar ba tare da sake lissafi daga farko ba. A ɗauki tsohon muwayen, a cire mafi ƙanƙantar maki daga cikinsa, abin da ya rage a raba shi da yawan intero da suka saura. Ga yarinyar, 12 a cire 11 saura 1, a raba huɗu, 0,25. Ga mai zazzaɓi, 11,2 a cire sifili, a raba huɗu, 2,8. Daga wannan ɗan lissafin abu biyu ke fitowa. Na farko, muddin duk intero ɗin nauyinsu ɗaya ne, ba wanda muwayen ɗinsa zai sauka, domin mafi ƙanƙantar maki ba zai taɓa wuce muwayen ba, iyakaci su zo daidai in duk makin iri ɗaya ne, sai ƙaruwar ta zama sifili. Na biyu, girman ƙaruwar ba ruwansa da ƙoƙarin ɗalibi ko rauninsa, abin da yake aunawa shi ne zurfin ramin da ya faɗa sau ɗaya. Yaron da makinsa 7, 7, 8, 7, 7 ne, wanda shi ne ma ake tsammanin yana buƙatar taimako, daga 7,2 zai koma 7,25. Bai samu komai ba.

Shi ya sa ɗalibai biyu masu muwayen ɗaya za su iya rabuwa. Mai 10 sau biyar yana nan a 10. Mai 4, 16, 6, 14, 10 shi ma 10 yake da ita, amma da an cire 4 ɗin ya koma 11,5.

Yawan intero shi ke yanke girman abin

Wannan ne wurin da ba a cika dubawa ba. Cire ɗaya cikin goma da cire ɗaya cikin uku sunansu ɗaya amma ba abu ɗaya ba ne. Yaro mai 14 sau tara da sifili ɗaya muwayen ɗinsa 12,6, bayan zubarwa 14, ƙaruwa 1,4. Shi wannan yaron in intero uku kawai aka yi, 14, 0, 14, daga 9,33 zai tashi zuwa 14, ƙaruwar ta wuce maki huɗu da rabi. In kuwa biyu aka yi, zubar da mafi muni ma'anarsa a ɗauki mafi kyau kawai, babu sauran wani muwayen a cikin zancen.

Kuma hakan na faruwa ba da niyyar kowa ba. Malam ya yi alkawari a Oktoba da tsammanin zai yi intero shida, sai yajin aiki ko tarurruka ko rashin lafiyarsa shi kansa suka cinye makonni, samestir ta ƙare da uku a kundinsa. Alkawarin yana nan, ɗalibai kuwa ba sa manta irin wannan alkawari. Malaman da suka taɓa cin karo da haka sukan sa sharaɗi tun farko, su ce zubarwar sai in an kai intero huɗu ko biyar.

Nawa ke isa bultan

Iyaye da yawa in suka ji 2,8 sai su ɗauka haka za ta fito a bultan. Ba haka ba ne, saboda muwayen na intero kashi ɗaya ne cikin abubuwan da ake haɗawa, kuma yadda ake haɗawar ya danganta da tsarin makarantar. Mu ɗauka, don misali, ana haɗa muwayen na intero da debuwar biyu a raba uku a samu makin aji, sannan a haɗa makin aji da kompo a raba biyu. A wannan tsarin duk intero ɗin gaba ɗaya nauyinsu kashi ɗaya ne cikin shida.

Mai zazzaɓinmu ya ci 12 da 13 a debuwar, 11 a kompo. Ba tare da zubarwa ba: 11,2 da 12 da 13 sun ba da 36,2, a raba uku 12,07, a haɗa da 11 a raba biyu, 11,53. Da zubarwa: 14 da 12 da 13 sun ba da 39, a raba uku 13, a haɗa da 11 a raba biyu, 12. Ke nan 2,8 ɗin nan ta narke ta koma 0,47 a muwayen na darasin. In darasin kowefisiyan ɗinsa 3 ne cikin jimillar 20, abin da zai isa babban muwayen na samestir wajen 0,07 ne. Yarinyar mai 0,25 kuwa nata ba zai ma fito fili ba.

To in haka ne me ya kawo gardama? Abu biyu. Akwai yaran da ke bakin layi, mai 9,95 da 0,07 za ta kai shi 10,02, kuma a ƙarshen shekara wannan ɗan bambancin na iya shiga cikin maganar wucewa ko maimaita aji. Sannan in ba malami ɗaya ke yi ba, a ce na lissafi da na faransanci da na kimiyya duk suna zubarwa, ƙananan ƙarin suna taruwa. Akwai kuma matsayi a aji, na ɗaya da na biyu sau da yawa abin da ke tsakaninsu bai kai rubu'in maki ba, kuma a gidaje da yawa ba a tambayar muwayen, "na nawa ka zo" ake tambaya.

Wata matsalar tana tasowa in aji biyu masu mataki ɗaya malamansu dabam, ɗaya yana zubarwa ɗaya ba ya yi. Ajin mai zubarwa dole muwayen ɗinsa ya ɗan ɗara ko da yaran ƙarfinsu ɗaya, don hanyar sama kawai take turawa, ba ta taɓa turawa ƙasa. Wanda ya jera bultan na azuzuwan biyu don raba kyauta ko zaɓen waɗanda za a tura gasa, yana auna hatsi ne da tiya biyu da ba girmansu ɗaya ba.

Inda lissafin ke karkacewa

Kuskure mafi sauƙi shi ne a cire makin a ci gaba da rabawa da biyar. Yarinyar mai 12 sai ta koma 49 a raba biyar, 9,8. Ya fi faruwa ga mai lissafi da waya cikin dare da tarin takardu a gabansa, hannu ya saba da biyar. Alamar gane shi a fili take: muwayen ya sauka bayan zubarwa, abin da muka ce ba ya yiwuwa.

Masu aiki da Excel na faransanci ga abin da suka saba rubutawa, in makin yana daga B2 zuwa F2:

```
=(SOMME(B2:F2)-MIN(B2:F2))/(NB(B2:F2)-1)
```

A na ingilishi SUM ne a madadin SOMME, COUNT a madadin NB. Layin daidai yake, tarkon yana cikin gidan da aka bari ba komai. MIN ba ya ganin gidan da yake wayam, haka ma wanda aka rubuta kalma a ciki, NB kuma lambobi kawai yake ƙirgawa. Saboda haka in malam bai rubuta wa mai zazzaɓi 0 ba, ya bar gidan haka nan ko ya sa alamar fashi da haruffa, kwamfuta za ta ga maki huɗu ne kawai, 14, 15, 13, 14, ta cire 13, ta raba 43 da uku, 14,33. An yafe masa sau biyu ke nan, fashin bai shiga ba kuma an sake cire masa wani. In kuma malamin ya rubuta 4 da hannunsa a ƙarshen layin maimakon duk abin da ke bayan alamar rabawa, sai abin ya juya: 43 a raba huɗu, 10,75, ƙasa ma da 11,2 da yake da ita ba tare da wata alfarma ba. Yaro ɗaya, takardu ɗaya, amsa uku, 14 ko 14,33 ko 10,75, ya danganta da abin da aka buga a gida guda da kuma ƙarshen layin. Ɗalibin da maki ɗaya tak gare shi kuwa, layin zai nuna #DIV/0! don an ce a raba da sifili.

Sai babbar matsalar, wadda ko masu lissafi sai sun zauna: intero da ba a kan maki ɗaya aka yi su ba. Malamai da yawa wani intero a kan 5 suke yi, wani a kan 10, wani a kan 20. A nan kalmar "mafi ƙanƙanta" ta rasa ma'ana guda. Ɗalibi mai 9 a kan 10, da 11 a kan 20, da 14 a kan 20, in aka bi lamba tsirara 9 ce ƙarama, alhali ita ce aikinsa mafi kyau. Jimillarsa 34 a kan 50, wato 13,6 a kan 20. Aka cire 9 ɗin ya koma 25 a kan 40, wato 12,5. An cuce shi da sunan taimako.

Ko an kauce wa wannan, da sauran rina a kaba. Ga wata mai 2 a kan 5, 10 a kan 20, 9 a kan 10, 8 a kan 10. Jimilla 29 a kan 45, kusan 12,89 a kan 20. Mafi rauni a gwargwado shi ne 2 a kan 5, don daidai yake da 8 a kan 20. In aka cire shi saura 27 a kan 40, wato 13,5. Amma in aka bar shi aka cire 10 a kan 20, wanda a ido ya fi shi kyau, saura 19 a kan 25, wato 15,2. Dalili shi ne 10 a kan 20 ɗin babba ne, shi ke jan jimillar ƙasa da nauyinsa, ɗan ƙaramin kuwa ko ya yi muni ba ya da jiki. Akwai kuma hanya ta uku, a fara mai da kowanne kan 20, su zama 8, 10, 18, 16, a cire 8, a raba 44 da uku, 14,67. Duk ukun malami zai iya rantsuwa cewa mafi muni ya zubar. Wannan tambayar ta wanne ya kamata a cire in nauyin bai zo ɗaya ba har wasu masana lissafi biyu, Daniel Kane da Jonathan Kane, sun yi rubutu a kanta a wata mujallar lissafi ta Amurka a 2006, inda suka nuna cewa in za a cire fiye da ɗaya ma abin ya fi haka rikicewa. Ga malamin aji dai mafita mai sauƙi ita ce ta ukun, a mai da komai kan 20 tukuna, kuma a faɗa wa yara haka tun kafin intero na farko.

Abin da take yi wa intero na ƙarshe

Lissafin da ke sama duk ya ɗauka yara za su yi aiki yadda suka saba ko da doka ko babu. Amma ɗalibai suna da wayo, kuma sun iya wannan lissafin fiye da na cikin littafi. Wata yarinya mai 12, 12, 11, 13 bayan intero huɗu ta san muwayen ɗinta ba zai sauka ƙasa da 12 ba ko ta miƙa farar takarda a na biyar, domin duk abin da ta ci daga 11 zuwa ƙasa shi za a zubar. Sai abin da ya haura 11 ne zai amfane ta, kowane maki ɗaya da 0,25, in ta cinye 20 ɗin duka ta kai 14,25. Wata za ta ga dama ce ta ƙara ba tare da tsoro ba, wata kuma za ta ga hutu ne ta rufe littafi. Mai zazzaɓi shi ba shi da wannan zaɓin, ya riga ya kashe ranarsa, na biyar ɗin zai shiga masa gaba ɗaya.

Darasin da aka yi wa farar takarda kuma ba ya ɓacewa daga manhaja. Yana nan zai dawo a kompo, wanda a misalinmu na sama nauyinsa rabin muwayen ne, kuma zai iya dawowa a birbe ko bak inda ba wanda ke cire wa kowa komai. Mai 3 ɗin nan na misalinmu, 3 ɗin labari take bayarwa cewa akwai babin da bai gane ba. Bultan mai 10,5 ya shafe labarin, uban da muwayen kawai yake gani ba zai san da shi ba.

Masu goyon baya da masu ja

Masu goyon baya hujjarsu mafi ƙarfi ita ce sifilin fashi ba awon sani ba ne. Yaron da ya ci 13 zuwa 15 sau huɗu, 14 ta fi kusa da gaskiyarsa fiye da 11,2, kuma muwayen abu ne da maki ɗaya mai nisa ke iya ja da ƙarfi. Suna ƙarawa da cewa hanyar ta raba malami da zama alƙalin uzuri, ɗan da ubansa ke iya zuwa lakwal ya yi magana da wanda ba mai zuwa masa duk ɗaya suke a gabanta, kuma yaron da ya fara samestir da mummunan maki ba ya yanke ƙauna tun a Nuwamba.

Masu ja kuma suna cewa dokar makauniya ce, ba ta bambance sifilin zazzaɓi da sifilin wanda ya tsaya shan shayi a fada, ko 3 ta wanda bai karanta ba. Suna cewa wanda ya zo kullum ya riƙe hannu ɗaya shi ne ya fi kowa rashin samu, har a wuce shi a jeri. Wanda kuma rashin lafiyarsa ta yi tsawo ya rasa intero biyu, an cire ɗaya ɗaya ya zauna, kuma malam na iya cewa ai an riga an yi maka alfarma.

In aka sa hujjojin kusa da lambobin, kowane ɓangare misalinsa yake kallo: na farko mai zazzaɓi, na biyu mai tangal-tangal da yarinyar. Hanyar ta fi yin abin da aka ƙirƙire ta dominsa in intero suna da yawa, nauyinsu ɗaya, kuma rabonsu a babban lissafi kaɗan ne. Tana ƙara nisa da shi duk lokacin da ɗaya daga cikin ukun ya rushe. Akwai kuma batun sifilin satar amsa, wanda in ba a ware shi tun farko ba shi ma zubar da shi za a yi, hukuncin ya tashi a banza.

Wasu hanyoyin a kan makin nan dai

Akwai masu barin mafi munin a ciki amma su ba shi rabin nauyi, a raba da huɗu da rabi. Mai zazzaɓi zai samu 56 a raba 4,5, wato 12,44, yarinyar kuma 49 da rabin 11 sun ba da 54,5, a raba 4,5, wato 12,11. Tazarar ta ragu sosai amma shi ke gaba har yanzu. Akwai masu maye gurbin mafi munin da makin kompo in ya fi shi, da hujjar cewa kompo ya sake tambayar darasin, in yaro ya gane daga baya zai nuna a can: mai zazzaɓi da 11 a kompo zai samu 67 a raba biyar, 13,4, mai farar takarda da gangan kuwa sai ya koma ya karanta babin kafin ya amfana. Akwai kuma cire na sama da na ƙasa tare, irin yadda ake yi da makin alƙalai a gasar tsalle cikin ruwa ta Olamfik. Da wannan mai zazzaɓi zai tsaya a 14, 13, 14, wato 13,67, yarinyar ta tsaya a 12 cif, mai 4, 16, 6, 14, 10 ya koma 10 ɗinsa. Ita wannan ba sama kawai take turawa ba, tana iya saukar da wanda ya yi fice sau ɗaya, kuma daga intero biyar uku kawai take bari, shi ya sa ba ta da farin jini wajen ɗalibai.

Uban da ke son ya bi sawun abin da aka yi wa ɗansa ba ya buƙatar kwamfuta. Ya sa yaron ya kawo takardun intero ɗin duka, har wanda aka zubar, ya duba kowanne a kan nawa aka yi shi, ya mai da su duka kan 20, ya tara ya raba da yawansu, sannan ya cire ƙaramin ya sake rabawa da abin da ya saura. In lambar da malam ya rubuta ta yi ƙasa da lissafin farko, akwai kuskure a rabawa ko a zaɓen wanda aka cire, kuma abu ne da ake gyarawa kafin a rufe bultan. In ta zo daidai da na biyu, sai ya buɗe takardar da aka zubar ya ga ko sifilin fashi ce ko kuwa yaron yana zaune a aji ranar ya rubuta abin da ya ci 3.